Kada lambar Mama ta makale a SIM

1/ A jami'a sau da yawa wayarmu tana aljihu: lacca, ɗakin karatu, masallaci. Ba kowane kira za ka ciro waya ka duba ba. Shi ya sa na ware wa mutum uku sautinsu na daban: Mama, yayana, da malamin da ke duba aikina na ƙarshe. Ga yadda na yi 🧵

2/ Kafin komai, duba inda aka adana lambar. Idan tana kan SIM, yawancin wayoyin Android ba za su nuna maka wurin sa mata sauti ba, domin SIM suna da lamba kawai yake riƙewa. Mayar da ita cikin waya ko asusun Google tukuna.

3/ A manhajar Contacts ta Google, buɗe sunan mutumin, danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi Set ringtone. A Samsung kuwa, Edit za ka shiga, sai View more, sai Ringtone.

4/ Amma in ka sa waya a jijjiga, sautin ba ya fita. Nan ne iPhone ta burge ni: Contacts, Edit, Ringtone, sai Haptics (Vibration a tsofaffi), sai Create New Vibration. Da yatsa za ka buga salon a kan allo. A wayar ƙanwata, na Mama dogo ɗaya ne da gajeru biyu.

5/ Kada ka wuce mutum uku ko huɗu. In ka ba mutum goma salo goma, kai da kanka za ka rikice, a aljihu duk su zama iri ɗaya.

6/ Akwai tarko: waya a Silent ko Do Not Disturb tana haɗiye har sautin na musamman. A iPhone kunna Emergency Bypass a shafin Ringtone na mutumin. A Android sa masa tauraro, ka bar kiran masu tauraro ya shigo a saitin Do Not Disturb. Ka tuna, Emergency Bypass zai yi ƙara ko kana sahun sallah, don haka mutum ɗaya ya isa.

7/ Kiran WhatsApp da saitinsa daban. A Android buɗe hirar mutumin, danna sunansa, shiga Notifications, ka zaɓi sautin kira a can.

8/ Ƙarshe, gwada. Ka ce: “Mama, don Allah ɗan kira ni.” In tsohon sauti ya fito, duba ko lambar tana adane sau biyu, ko layinta na biyu ne da ba ka haɗa da sunan ba. Iyayenmu da layi biyu ai ba sabon abu ba ne.