Zazzagowar Mahaifa: Yadda Na Samu Sauƙi

Mu matan Tudun Wada, kunya ke hana mu faɗin wannan matsalar. Bayan haihuwata ta bakwai na fara jin nauyi a gabana, kamar wani ƙullutu zai faɗo. Da safe lafiya lau, amma in na yi surfe ko na ɗebo ruwa, zuwa la'asar sai ya sauko. In na kwanta ya koma.

Da likita ta duba ni, ta ce ba ƙari ba ne: naman da ke tallafe da mahaifa da mafitsara ne haihuwa ta sassauta. Ta koya mini in matse ƙasana kamar mai riƙe tusa, in ja sama, in ƙirga biyar ina numfashi, sannan in saki. Sau goma a jere, sau uku kullum, amma ban da lokacin fitsari. Na kuma ƙara cin zogale da shan ruwa, don yunƙurin bayan gida na ƙara tura ta.

Bayan wata huɗu nauyin ya ragu, amma bai ɓace ba. 'Yar'uwa, in taki ta fito waje, matsi kaɗai ba zai mayar da ita ba, sai zoben roba ko tiyata. In kin ga jini ko gyambo, ko fitsari ya ƙi fita, kada ki kwana ba ki je asibiti ba.