Kafinta Ba Ya Sayar Da Rabin Benci

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, akwai wani irin lissafi wanda amsarsa ta kan fito daidai a bisa allo, amma ba ta aikatuwa a kasuwa. Ni dai tun da na fara koyar da lissafi ban ga abin da ya fi shi sa yaro tunani ba, don haka na ga ya kamata in kawo muku misali guda mu bi shi tare. Wanda ke da fensir da takarda mai gida-gida ya jawo su kusa.

A ce wani kafinta yana da katako 12, kuma kwana 7 suka rage masa kafin ranar kasuwa. Benci guda yana cin katako 3 da aikin kwana 1, ribarsa naira dubu 3. Tebur guda kuwa yana cin katako 2 da aikin kwana 2, ribarsa naira dubu 4. To, benci nawa da tebur nawa zai yi ya sami riba mafi yawa? Mu kira yawan benci x, yawan tebur y. Sharaɗin katako shi ne 3x + 2y ≤ 12, na kwanaki kuwa x + 2y ≤ 7, ribar kuma 3x + 4y ce, a lissafin dubbai.

Wuyar abin ita ce lalle x da y su zama cikakkun lambobi, gama ba mai sayen rabin benci. Dabarar masana ita ce su fara ɗage wannan sharaɗi, su yi kamar ana iya yin rabi ko rubu'i. Wannan shi ake kira sassautawa. In ka zana layukan nan biyu a takarda, za su kewaye maka wani fili mai kusurwa huɗu, watau (0, 0), da (4, 0), da (2½, 2¼), da (0, 3½). Da yake ribar tana hawa ne a miƙe, ba ta lanƙwasa, mafi girmanta a wata kusurwa za a same shi. Ribar kusurwoyin ita ce 0, da 12, da 16½, da 14. Ashe sassautaccen lissafi ya ce a yi benci biyu da rabi, da tebur biyu da rubu'i, a ci ribar dubu 16½.

Wannan amsa ba ta aikatuwa, amma kada ku raina ta. Tun da mun ba kafinta 'yancin da ba shi da shi, duk abin da zai iya yi da gaske yana cikin filin nan. Saboda haka mun tabbata ribarsa ba za ta wuce 16½ ba. Mun sami rufin ɗaki ke nan, saura mu san inda kansa zai kai.

Yawancin ɗalibai a nan sai su ce a yar da guntayen, a yi benci 2 da tebur 2. Wannan yana yiwuwa, ribarsa 14. Waɗansu su ce a cika benci ya zama 3, tebur 2, amma wannan yana bukatar katako 13. In kuwa benci 2 da tebur 3 ne, aikin kwana 8 ke nan. Sai mutum ya zauna a kan 14, alhali ba shi da wata hujja cewa babu abin da ya fi ta tsakaninta da 16½.

Ga yadda ake yi. Ka tara sharuɗɗan nan biyu, na katako da na kwanaki, sai ka sami 4x + 4y ≤ 19. Ka raba da huɗu, ya zama x + y ≤ 4¾. Har yanzu ba mu faɗi wani sabon abu ba. Amma x + y shi ne jimlar kayan da kafinta zai ƙera, cikakkiyar lamba ce tilas. Cikakkiyar lambar da ba ta wuce 4¾ ba kuwa, ba za ta wuce 4 ba. Don haka muna da ikon rubuta x + y ≤ 4. Wannan sabon sharaɗi shi ake kira yanka.

Ku duba aikin da ya yi. Kusurwar nan ta (2½, 2¼) jimlarta 4¾ ce, ta fi 4, saboda haka an yanke ta ta faɗa waje. Amma ko amsa guda mai cikakkun lambobi ba a taɓa ba, gama daga sharuɗɗan kafinta kansu muka fitar da shi. Sabon layin ya gamu da layin katako a (4, 0), ya gamu da na kwanaki a (1, 3). Kusurwoyin filin yanzu su ne (0, 0), da (4, 0), da (1, 3), da (0, 3½), ribarsu kuwa 0, da 12, da 15, da 14. Rufin ya sauko daga 16½ zuwa 15, kuma kusurwar da ta ba da 15 cikakkun lambobi ce. Benci 1 da tebur 3 ke nan, kuma ba sauran gardama, domin abin da ya taɓa rufi ba mai wuce shi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne amsar gaskiya ba ta maƙwabtaka da amsar farko. Ko ka yar da guntun biyu da rabi ko ka cika shi, ba zai zama ɗaya ba. Har ma kafinta zai bar katako 3 a ajiye, ga shi kuwa ya fi mai benci 2 da tebur 2 da naira dubu guda.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, ba kowane sharaɗin gaskiya ne ke da amfani ba. In ka raba sharaɗin kwanaki da biyu, za ka ga y ba ta wuce 3½, watau y ≤ 3. Gaskiya ne, amma 2¼ ba ta kai 3 ba, don haka kusurwar da ta dame mu tana nan, rufin ma yana nan a 16½. Hanyar ganewa ita ce ka sa amsar sassautaccen lissafi cikin sabon sharaɗi. In ta bi shi lafiya, ba ka yanki kome ba. Amma da ribar benci dubu 2 ce, ta tebur dubu 5, da kusurwar (0, 3½) ce za ta yi gaba da 17½, sa'an nan y ≤ 3 ne yankan da ake bukata.

Na biyu, kada wuƙa ta shiga nama. Wanda ya yi gaggawa ya rubuta x + y ≤ 3 ya zubar da amsar gaskiya, bai sani ba. Ba a saukar da lambar dama sai in gefen hagu duka cikakkun lambobi ne. Da man gyaɗa ake aunawa, wanda ana iya sayar da rabin kwalba, da saukarwar nan ba ta halatta ba.

Ralph Gomory ne ya nuna a 1958 yadda za a riƙa fitar da irin wannan yanka bi da bi har a kai ga amsa, bayan George Dantzig ya ƙago hanyar bin kusurwoyi a 1947. A manyan matsaloli yanka guda ba ya isa, akan yi da yawa, kuma na'urorin yau suna haɗa shi da rarraba matsalar gida-gida.

Ga aikin hutu ga mai so. A ƙara wa kafinta kwana guda su zama 8, sa'an nan a duba ko har yanzu ana bukatar yanka.