Kalmar “they” da tarkon shi ko ita

A ajin Ingilishi, wakilin sunan da ɗalibai suka fi saurin hardacewa shi ne “they”. Tun shekarar farko ta kwaleji muke rubuta musu a allo cewa “they” shi ne “ils” ko “elles” a Faransanci, shi ne kuma “su” a Hausa. Wannan bayani yana isar yaro ya ci jarrabawa. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka miƙa wa mutum takarda ta gaske, irin rahotannin da ƙungiyoyin agaji ke rubutawa da Ingilishi, aka ce ya mai da ita Faransanci don hukuma, ko Hausa don gidan rediyon gari. A garuruwanmu malamin Ingilishi ake nema don wannan aiki, shi ya sa na daɗe ina bibiyar kalmar.

Abin da na gano shi ne “they” ayyuka da yawa yake yi da fuska ɗaya. Wani lokaci jama'a ne da aka riga aka ambata. Wani lokaci ba kowa ba ne takamaimai, kamar a “they say”, wanda Bahaushe ke cewa “an ce”, Bafaranshe kuma “on dit”. Wannan ba shi da wuya. Wani lokaci kuma mutum ɗaya tak ake nufi, wanda ba a faɗi ko namiji ne ko mace ba. Wannan amfani na ƙarshe tsoho ne a Ingilishi, ana samun shi a rubuce tun ƙarni na 14, sai dai littattafan da muka yi karatu da su ba su cika ambatonsa ba.

In jam'i ne, Hausa tana hutar da mu. Harshenmu yana rarrabe namiji da tamace a tilo kaɗai. Muna cewa farin rago da farar tunkiya, amma in sun taru sai mu ce fararen tumaki, babu ruwanmu da jinsi. Ko maza ne ko mata, “sun gaji” ya wadatar. Faransanci ba ya yarda da haka. Jimla kamar “The nurses said they were tired” tana tilasta wa mai fassara ya zaɓa tsakanin “ils étaient fatigués” da “elles étaient fatiguées”, tun ma daga sunan kansa, “infirmiers” ko “infirmières”. Ɗalibaina kusan kullum tamace suke zaɓa a nan, in kuma direbobi ne su zaɓi namiji, alhali rubutun bai faɗa ba. Abin da suka saba gani a asibiti da tasha ne yake riƙe musu alƙalami. Dokar nahawun Faransanci ita ce in taron ya haɗa maza da mata, ko ba a sani ba, a sa “ils”, ko da namiji ɗaya ne cikin mata ashirin. Saboda haka “elles” magana ce mai nauyi, tana cewa dukansu mata ne, kuma ba a rubuta ta sai an ga shaida a cikin rubutun.

In tilo ne kuwa, sai mu da Faransawa mu faɗa rami ɗaya, har namu ya fi zurfi. Ga jimlar da nake bai wa manyan ɗalibai su gwada. A ce rahoto ne kan wata makarantar ƙauye inda buhunan shinkafar abincin yara suka ɓace:

“A teacher reported the theft. They were afraid and asked not to be named.”

Kuskuren farko da ake yi shi ne a ga “they were” a rubuta “ils avaient peur” ko “sun ji tsoro”. Mutum ɗaya ya koma taro ke nan. Aikatau ba ya taimako a nan, domin Ingilishi yana barin “were” ko da mutum ɗaya ake nufi. Hanyar ganewa ita ce a koma baya a nemi wanda kalmar take wakilta. A jimlar da ta gabata akwai “a teacher”, tilo, kuma babu wani jam'i kusa da zai ɗauki tsoron. To mutum ɗaya ne.

Kuskure na biyu ya fi na farko haɗari. Wanda ya gane tilo ne sai ya rubuta: “Wani malami ya kai rahoton satar. Ya ji tsoro, ya nemi a sakaya sunansa.” Hausar tana da daɗi, amma ku ƙirga sau nawa aka ce namiji ne: wani, malami, ya har sau uku, da sa na ƙarshen sunansa. Sau shida aka faɗi abin da marubucin ya ƙi faɗa ko sau ɗaya. A ce makarantar malamai shida gare ta, biyar maza, ɗaya mace. In macen ce ta yi magana kuma mai fassara ya san haka ya rubuta “wata malama ta”, ya tona ta sarai kamar ya kira sunanta a kasuwa. In ya rubuta “wani malami ya”, ya ɗora zargi a kan maza biyar da ba su ce komi ba. In kuwa akasin haka ne, namiji ɗaya cikin mata biyar, to wannan “wani malami” da muke ɗauka ba ya nuna kowa, shi ne zai nuna shi da yatsa. Wanda ya rubuta “they” a nan da gangan ya yi, rufin asiri ne, kuma rufin asirin yana cikin ma'anar da aka ba mu amana mu ƙetarar.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da suke kama da juna. Akwai mutumin da ba a sani ba domin kowa ne, akwai kuma mutumin da aka sani aka ɓoye. Na farko Hausa ta daɗe da sallamarsa da namiji. “Everyone brought their book” shi ne “kowa ya zo da littafinsa”, kuma babu yarinyar da za ta ji an cire ta, kamar yadda babu macen da ke jin karin maganar “kowa ya yi da kyau zai ga da kyau” bai shafe ta ba. Sai in ajin duka ƴan mata ne za mu ce “kowace ta zo da littafinta”. Amma da zarar mutum ne takamaimai, mai gida da suna, “ya” ta daina zama ta kowa, mai saurare namiji yake gani.

To yaya za a yi da malamin rahoton? A Faransanci akwai ƙofofi uku. Ta farko ita ce sunayen da jinsinsu na nahawu ne kawai. “Personne” kullum tamace ce ko da gemu ake magana a kai, haka “victime”, kuma kowane mai jin Faransanci ya san wannan. Ta biyu ita ce guje wa sifar da ke canza kama. “Inquiet” da “inquiète” sun bambanta har a kunne, “effrayé” da “effrayée” sun bambanta a takarda kaɗai, amma “avoir peur” suna ne ke ɗauke da tsoron, ba ya nuna komi. Ta uku ita ce lura da aikatau: wanda ke tafiya da “être” yana bin jinsin mai aikin, “est venu” ko “est venue”, wanda ke tafiya da “avoir” kuwa ba ya bi. Da waɗannan sai a samu: “Un membre du personnel enseignant a signalé le vol. Cette personne avait peur et a demandé l'anonymat.”

A Hausa aikin ya fi wuya, domin a shuɗaɗɗen lokaci ba mu iya sa aikatau bayan mutum ɗaya ba tare da ya ko ta ba. Faransanci yana iya cewa “a signalé” ya wuce, mu kuwa tilas wani ɗan wakili ya shiga tsakani. Dabarar ita ce a hana mutumin zama mai aikin jimlar. A ɗauko “ɗaya daga cikin”, wanda ba shi da jinsi, a haɗa shi da jam'i, a mai da aikin suna, a kuma bar “suna” tsirara babu sa ko ta: “Rahoton satar ya fito ne daga bakin ɗaya daga cikin malaman makarantar, tare da roƙon a sakaya suna saboda tsoro.” Wannan “ya” na rahoto ne. Ƴan jarida suna da wata hanyar da ta yi daidai da “personne”, wato majiya. “Majiyar ta ce tana jin tsoro” ba ta sa kowa ya zaci mace, domin kalmar ce tamace. Ana iya amfani da “an” ma, sai dai a yi hattara, “an nemi a sakaya suna” ba ya faɗin wa ya nema. Ni ba na ba da shawarar a fake da “sun”, domin mai saurare zai ji ko taro, ko kuma babban mutum da ake girmamawa, sai hankali ya koma kan shugaban makaranta.

Waɗannan dabaru suna da iyaka. Suna ɗaukar jimla biyu ko sakin layi guda. In mutumin ya cika shafi uku, Hausar za ta yi tauri, “majiya” ta gundiri kunne. A irin wannan hali gara a tuntuɓi wanda ya rubuta, a tambaye shi ko da gangan ya ɓoye. In ya ce a'a, an huta. In ya ce e, ana iya sa layi ɗaya a farkon fassarar cewa an yi amfani da “ya” ne don sauƙin karatu, ba ya nuna jinsin kowa.

Akwai wani “they” na tilo da ya yawaita a rubuce-rubucen Amurka da Ingila na kwanan nan, na mutanen da suka ce kada a kira su da shi ko ita. Ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da wannan ma'ana a 2019, kuma a 2021 ƙamus ɗin Robert na intanet ya shigar da “iel”, wanda aka ƙera daga “il” da “elle”, abin da ya jawo cacar baki a Faransa. Ko “iel” ɗin bai kashe matsalar ba, tun da sifar da ke bin sa tilas ta zama “content” ko “contente”. Hausa ba ta da irin wannan kalma. Duk ra'ayin da mai fassara yake da shi kan lamarin, aikinsa shi ne mai karatu ya san abin da takardar ta ce, don haka ya bayyana shi da jimla ɗaya a fili, sannan ya ci gaba da dabarun da muka gani.

Abin da nake sa ɗalibai su yi kafin su fassara ko kalma ɗaya shi ne su ja layi ƙarƙashin kowane “they”, “them” da “their”, su ja kibiya zuwa sunan da yake wakilta, su rubuta a gefe ko ɗaya ne ko da yawa. Bayan sun gama fassarar kuma su bi ta da jan biro, su kewaye kowane ya, ta, wani, wata, ne da ce da ya shafi mutum, su nuna mini layin da ya ba su izinin sa shi a rubutun asali. Wanda ba a samo masa layi ba, a sake gina jimlarsa.