Ƙullewar ƙafa cikin dare: abin da muka koya a gidanmu



A zafin watan Afrilu, mutum biyu suka riƙa tashinmu cikin dare a gidanmu: Inna, wadda ta haura shekara 65, da matar yayanmu mai cikin wata 7. Kowacce sai ta farka da salati, naman sha-raɓarta ya ƙulle ya yi tauri kamar dutse. Bayan minti biyu ko uku ya saki, amma tsamin wurin ya kai har safe.

Da farko man zafi muke shafa musu. Ma'aikaciyar jinya a wurin awo ce ta fahimtar da mu cewa naman ne ke tsukewa da kansa. Idan mutum ya kwanta tafin ƙafarsa ya miƙe ƙasa, naman sha-raɓa yana gajarta, to a nan yake saurin ƙullewa. Mai ciki ta fi fama da shi daga wata na huɗu zuwa haihuwa, saboda nauyi da gajiyar tsayuwa. Tsofaffi kuma jijiyoyinsu sun rage saki. Ita Inna ga maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, ga gumin Gombe. Ba mu dakatar da maganin ba, mun dai gaya wa likitanta.

Yanzu idan ya kama, sai a miƙe gwiwa, a kama yatsun ƙafar a jawo su sama wajen ƙwauri, a riƙe har ya saki. Bayan nan a ɗan taka, a gasa da ruwan ɗumi. Kafin kwanciya kuma, kowacce takan dafa bango, ta mayar da ƙafa ɗaya baya, dunduniya a ƙasa, ta karkata gaba har ta ji naman ya ja. Daƙiƙa 30, sau uku kowace ƙafa. Muna kuma tuna musu shan ruwa da rana. Abin bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai.

Ga inda muke roƙon a kula. Ƙullewa takan zo ta wuce. Amma idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta ɗauki zafi, ciwon ya ƙi tafiya, wannan yana iya zama daskarewar jini a jijiya, kuma masu ciki da masu jego sun fi shiga haɗarinsa. Kada a murza, kada a jira ranar awo. A tafi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar. Idan da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, a tafi ko da tsakar dare ne.

Kada kuma a saya wa kowa kwinin a kemis don wannan, domin illarsa ta fi amfaninsa.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya. Amin.