Yadda lanƙwasar ƙ ta mayar da ni Izom

'Yan uwa masu rubuta kundin digiri na biyu, ku zo ku ji abin da ya same ni, kada ya same ku.

Bincikena ya shafi tsofaffin jaridun Hausa. Kawuna a Izom yana da wasu kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ya adana su a akwatin ƙarfe. Ba ya yarda a fita da su ko ƙofar gida, kuma ban ga laifinsa ba. Da na je hutu sai na shimfiɗa shafin da nake buƙata a tabarma bayan magariba, na tsaya a kansa, na kunna filashi, na ɗauka ƙyas sau ɗaya. A fuskar waya ya yi kyau abinsa.

Sai da na koma Zariya, muka zauna da wata abokiyar karatuna za mu fassara shi zuwa Turanci, sannan asiri ya tonu. Saman shafin tas, layukan ƙasa kuwa sun yi dishi-dishi. Ta nuna wata kalma ta ce, “Malam, wannan baki ne ko baƙi?” Wallahi na kasa amsawa. 'Yar lanƙwasar da ke raba k da ƙ ta narke. Haka kafa da ƙafa, haka kare da ƙare. Wani wurin ma'anar jimla takan cece ka, wani wurin kuwa sai dai ka yi shaci-faɗi, kuma ba a kare kundi da shaci-faɗi. Dole na sake biyan kuɗin mota ta Kaduna da Suleja.

Kuskurena na farko shi ne cusa dogon shafi a hoto ɗaya. Kyamarar wayata mai megafiksel 12 ce, wato ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Na auna shafin da rula: tsawonsa kusan santimita 40, faɗinsa 28. In ka ɗauke shi duka, kowace santimita ba za ta samu fiye da ɗigo 100 ba, ni kuma da na haɗo da tabarma ban ma kai haka ba. Masu sikanin takardu sukan nemi kusan 118. Da na juya wayar a kwance, faɗin shafin ya cika hoton, sai na samu wajen 140. Hoto ɗaya yana cin kamar santimita 21 na tsawon, don haka na raba shafin uku. Kowane hoto na bar layi uku na ƙarshen wanda ya gabace shi su sake fitowa, don kada wani layi ya faɗa tsakani.

Na biyu shi ne karkata. Da na tsaya na miƙa hannu, wayar ta fi kusa da wani gefen takardar, shi ya sa sama ya fito ƙasa ya dusashe. A karo na biyu ban riƙe ta ba sam. Na ɗora ta a kan wani gajeren benci, idon kyamarar ya leƙo ta baki, na danne ɗaya ƙarshen da littafi. Takardar nake ja a hankali ta ƙarƙashin bencin, waya ba ta motsi. Na goge idon da gefen riga, na danna yatsa a kan rubutun na riƙe har AE/AF Lock ya fito, na sa ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka, saboda taɓawar yatsa kaɗai tana girgiza ta. Kada ka jawo hoton da yatsu biyu, matso da wayar.

Haske kuwa, bakin zaure da hantsi ya fi filashi nesa ba kusa ba: yana shigowa ta gefe, inuwar waya ba ta faɗa kan rubutu. Takardar jarida ba ta da kauri, rubutun baya yana leƙowa, sai na shimfiɗa baƙin mayafin matar kawu a ƙarƙashi, ya ragu sosai.

Kafin in tashi, kowane hoto sai da na buɗe shi na faɗaɗa kusurwoyinsa huɗu ina neman ƙ ko ɗ. In na ga lanƙwasar, ya yi. Hoto na biyu sau uku na sake shi saboda ninkin tsakiya, sai da Kawu ya danne gefuna da tafin hannu. Wajen turawa ma na bi ta Document a WhatsApp, domin tura hoto kai tsaye yana matse shi.

Kawu na kallona ya ce, “Kai yaro, duk wannan wahala a kan ƙugiyar harafi?” Na ce, “Kawu, ita ta dawo da ni.” Kalmar dai baƙi ce.