Baƙin wuya da ba ya fita da soso

 Wannan karon ba maganar riba ko rance muka zo da ita ba, maganar wuyan ma'ajiyarmu ce, kuma da yardarta muka rubuta.

Ranar wani zubi, muna zaune ƙarƙashin dogon yaro ana ƙirga kuɗi, sai ta duƙa kan akwati, mayafinta ya zame. Wata daga cikinmu ta ce mata cikin raha: “Yaya, yau ruwa bai kai bayan wuya ba ne?” Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Sai bayan an watse ta gaya mana cewa ta fi shekara biyu tana fama da wannan baƙi. Ta dirje shi da soso da sabulun salo, ta sa toka, ta sa lemun tsami, har dutsen goge kaushi ta gwada sai da wurin ya yi jini. Kishiyarta na mata gorin ƙazanta. Mu ma da muka yi dariya mun ji kunya, don wasunmu suna ɓoye irinsa ƙarƙashin hijabi.

Ga yadda abin yake. Fatar bayan wuya ta fi sauran jiki duhu, ta yi kauri, layukanta sun fito sosai, in ka shafa sai ka ji laushi kamar karan-miski. Akwai shi a hammata biyu, wasu har matsematsi da ƙarƙashin mama da gaɓoɓin yatsu. Yawanci ba ya ciwo, ƙaiƙayinsa kaɗan ne ko babu. Sau da yawa wasu ƴan tsiron nama ƙanana suna rataye a gefensa. Ya bambanta da kyasbi, wanda ke fitowa ɗigo-ɗigo yana gari in an kankare.

Malamar asibitin da muka kai wa maganar ta ce likitoci na kiransa akantosis nigirikans, kuma ba datti ba ne, fatar ce da kanta ta yi kauri. Ta yi mana bayani da abin da muka sani. In mun sha fura ko mun ci tuwo, abincin yana komawa sukari cikin jini. Jiki yana fitar da wani sinadari mai suna insulin, shi ne makullin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga naman jiki ya zama ƙarfi. In kitse ya taru, musamman na tumbi, sai kwaɗon ya yi tauri, makulli ɗaya ba ya buɗe shi. Sai jiki ya riƙa zubo insulin da yawa don ya ci ƙarfin kwaɗon. To wannan insulin da ya yi yawa cikin jini shi ke tura fata ta yi ta girma a inda take naɗewa, ta yi kauri ta yi duhu. Shi ya sa soso ba ya fitar da shi, daga ciki ake tura shi.

Mun yanke shawara a ciri kuɗin awo daga asusun taimako, mata shida masu alamar suka tafi tare. Sharaɗin awon shi ne a je da safe ba a ci ba a sha komai ba sai ruwa, aƙalla awa 8 tun abincin dare. Ɗaya ta kurɓi koko a hanya, ta ce ai koko ba abinci ba ne, aka maido ta sai washegari. Ana huda ɗan yatsa, a ɗiga jini kan ɗan tsinke, na'ura ta nuna lamba. A asibitocinmu da giram a lita ake rubutawa. Ƙasa da 1,10 yana cikin daidai. Daga 1,10 zuwa 1,25 mutum yana bakin ƙofar ciwon sukari. Daga 1,26 zuwa sama, in an sake awo wata rana ya ƙara nuna haka, ciwon ya tabbata.

Ta ma'ajiya ta nuna 1,18. Wata dattijuwarmu mai tuyar ƙosai ta nuna 1,64, aka sake bayan kwana uku ta nuna 1,57, aka ɗora ta kan magani. Ashe tashin fitsari sau huɗu da dare da yawan ƙishirwar da take ɗora wa zafin bazara, ciwon ne. Sauran huɗu lambarsu ta yi daidai, suka fara murna. Malama ta ce su dakata. Muddin jiki yana iya zubo insulin mai yawa, sukari zai zauna daidai a awo, alhali wahalar ta riga ta fara. Baƙin wuya yakan riga hawan sukari da shekaru. Don haka su koma awo duk shekara, balle wadda uwarta ko ubanta ke da ciwon, ko ta taɓa haihuwar jariri da ya wuce kilo 4.

Nan ne wata magana ta fito wadda ba mu so faɗa ba. Biyu daga cikin shidan suna shan ƙwayoyin ƙiba na masu tallar magani a kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu desametazon ne, kuma shi da kansa yana hau da sukari, yana iya jawo wannan baƙin. Haka man bilicin da wasu ke shafa wa wuyan don ya yi haske, da yawa akwai dangin wannan magani a ciki. Mu da muke cewa wance ta yi kyau ta murje tun da ta shiga asusu, muna da hannu a ciki. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta yanke ta rana ɗaya, jiki yana iya sukurkucewa. Ta kai kwalin asibiti a nuna mata yadda za ta rage sannu.

Ma'ajiya ba a ba ta magani ba. Nauyinta kilo 84 ne, aka ce ta nemi sauke kilo 4 zuwa 6, wato kashi 5 zuwa 7 cikin 100. Muka zauna da ita muka ƙirga sukarinta na yini kamar yadda muke ƙirga zubi: cokali uku a koko, uku a furar rana, sai kunun aya mai zaƙi da take sayarwa tana kurɓa, ga lemun kwalba ranar kasuwa. Ta cire sukarin fura, ta bar nono kawai. Ta rage malmalar tuwo, ta ƙara wake da kwaɗon zogale. Ta daina hawa kabu-kabu zuwa kasuwa, tana tafiyar minti 30 da sauri kwana biyar a mako. Bayan wata biyar ta sauke kilo 5, awo ya nuna 1,04. Wuyan ya yi laushi ya ɗan washe, amma bai koma yadda yake tana budurwa ba, kuma an gaya mata zai iya zama haka.

Akwai waɗanda ba za su jira zubi na gaba ba. Budurwa ko matar da ke da baƙin nan tare da al'ada mai tsallake watanni da gashi a haɓa, ta faɗa wa ungozoma duka ukun a tare, don suna iya zama matsala ɗaya ta ƙwayayen haihuwa. Mai ciki ta nuna wuyanta ranar awon ciki. Babba kuma marar ƙiba da baƙin ya fito masa cikin ƴan watanni, ya bazu har tafin hannu ko leɓe, yana ramewa, wannan ya wuce babban asibitin Maradi ba da jinkiri ba, don wani lokaci alamar ciwon daji ne a ciki, ko da yake ba kasafai ba.

Wata ƙungiya ta Gazawa ta aiko tana tambayar yadda muka yi da kuɗin awon. Kyauta muka bayar daga asusun taimako, ba rance ba, aka rubuta a littafi kamar na haihuwa da rasuwa. Mata huɗun nan za su koma awo bayan girbin hatsi, an riga an ware kuɗinsu.