Yadda Muka Gyara wa Kawu Ba Tare da Mun Kunyata Shi Ba

A gidajenmu na Dambatta, yaro ba ya ce wa babba ya yi kuskure a gaban jama'a. To, yaya za mu yi idan Kawu ne ya tura hoton jabu a zauren WhatsApp na dangi?

Hoton na wani jariri ne yana kuka cikin ɓaraguzan gini, aka ce a Gaza ne. Muka faɗaɗa shi, muka ƙirga yatsun hannunsa, sai muka ga sun haura biyar. Da muka sa shi a Google Lens, muka tarar yana yawo tun Fabrairun 2023, lokacin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya, watanni kafin yaƙin da ya ɓarke a Oktoba.

Sai muka tura wa Kawu saƙo shi kaɗai:

"Salamu alaikum Kawu, barka da yamma. Allah Ya saka da alheri kan tausayin bayin Allah. Mun duba hoton nan, ashe ba kyamara ce ta ɗauka ba, na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi. A duba yatsun yaron. Wahalar mutanen Gaza gaskiya ce, hoton ne kawai jabu. Muna tsoron kada 'yan damfara su haɗa shi da lambar asusu su karɓe kuɗin gyaɗar mutane."

Kawu da kansa ya tura bayanin a zauren, girmansa bai zube ba.

Amma a kula, sababbin manhajoji suna zana yatsu daidai. Don haka mu riƙa tambaya: wa ya ɗauki hoton, a ina, kuma yaushe?